Layi Ɗaya Me Yake Nufi? Darasi Kan Tsarin Tauraro

Lokacin da na je koyon aiki a wani babban kanti, an ba ni in fitar da jimillar cinikin wata guda. Abin da na fitar ya zarce na littafin kashiya, kuma sai da na kwana biyu kafin in gano dalili. Kuskuren ba a lissafi yake ba, a tsarin teburin yake. Shi ya sa na ga ya dace in yi wa 'yan'uwa ɗalibai bayani, musamman masu shirin furojet.

Databes ɗin da aka fara koya mana a aji ta aikin yau da kullum ce. Aikinta ta karɓi ciniki ɗaya, ta rubuta shi da sauri ba tare da kuskure ba. Don haka ake yi mata nomalaizeshan, wato a raba bayanai teburi-teburi yadda kowane abu zai zauna a wuri ɗaya tak. Idan kwastoma ya canza lambar waya, wuri ɗaya za ka gyara. Amma fa idan manaja ya ce, "Nawa muka sayar na kayan abinci a kowane wata?" sai ka haɗa teburi shida ko bakwai, ga shi kuma kana janyo wa na'urar kashiya nauyi.

Rumbun bayanai don irin wannan tambayar aka gina shi. Tsarin da aka fi amfani da shi a ciki shi ne tsarin tauraro, wanda Ralph Kimball ya yaɗa a littafinsa na 1996. A tsakiya akwai teburin fakt, mai ɗauke da abin da ake aunawa: yawan kaya da kuɗin da aka biya. A kewaye akwai teburan daimenshan, masu bayyana yaushe, wane kaya, wane reshe, wane kwastoma. Idan ka zana su, sai ka ga siffar tauraro. Teburin fakt siriri ne mai tsawo, kullum ƙaruwa yake. Na daimenshan gajere ne mai faɗi, kuma da gangan ake barin maimaici a cikinsa: sunan rukunin kaya yana nan a layin kowane kaya, don kada a sake haɗa wani teburin. Tambayar manaja sai ta koma haka:

```sql
SELECT d.year, d.month, SUM(f.amount)
FROM fact_sales f
JOIN dim_date d ON f.date_key = d.date_key
JOIN dim_product p ON f.product_key = p.product_key
WHERE p.category = 'Food'
GROUP BY d.year, d.month;
```

To, ina na yi tuntuɓe? Kafin ka zana teburin fakt, dole ka faɗa a jimla ɗaya abin da layi ɗaya yake wakilta. A nawa, layi ɗaya kaya ɗaya ne a kan rasit. Ɗauki rasit mai kaya uku: shinkafa ta naira 60,000, man girki na 30,000, sukari na 10,000, sai kuɗin kai kaya gida naira 2,000. Wannan 2,000 ɗin na rasit ne gaba ɗaya, ba na kaya ɗaya ba. Ni kuwa na kwafe shi a duk layukan uku, sai `SUM` ya ba ni 6,000. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, domin a wurinta babu laifi.

Gyaran hanya biyu ne. Ko ka raba kuɗin gwargwadon darajar kayan, shinkafa ta ɗauki 1,200, mai 600, sukari 200, ko ka buɗe wani teburin fakt inda layi ɗaya rasit ɗaya ne. Yadda za ka gane matsalar kuwa, ɗauki rana ɗaya ka kwatanta jimillarka da ta kashiya. Idan taka ta fi yawa, kuma bambancin yana fitowa ne daga rasit masu kaya da yawa, to ka gauraya matakai biyu a teburi ɗaya.

Bambanci na biyu shi ne tarihi. Databes ɗin aiki halin yanzu take riƙewa. Idan kwastoma ya tashi daga Zariya ya koma Kano, sai a goge tsohon adireshi. In ka yi haka a rumbu, duk cinikinsa na bara zai koma lissafin Kano. Maganin shi ne a ƙara masa sabon layi a teburin daimenshan da sabon makulli, tare da ranar farawa da ta ƙarewa. Tsohon ciniki yana nan manne da tsohon layi. Dalili ke nan da rumbu ke ƙirƙirar makullansa na kansa maimakon dogaro da lambar kwastoma ta kanti.

Saboda haka, ranar kare furojet, kafin malam ya tambaye ka, ka tambayi kanka: layi ɗaya a teburin fakt ɗina me yake nufi, kuma kowace lamba da ke kansa ta wannan layin ce?