Taƙaita hukuncin gona: rubuta abin da kotu ta yanke kawai

Aikina shi ne shirya hukunce-hukunce kafin su shiga kundi, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa hannuna daga ƙasar Arewa, wato Dogondutsi da Tibiri, shari'o'in gona ne. Kowane hukunci ana ɗora masa abu biyu a samansa. Na farko kanu ne, jerin kalmomi kaɗan da ke nuna inda shari'ar ta dosa. Na biyu taƙaitawa ce, jimla ɗaya ko biyu da ke ɗauke da ƙa'idar da kotu ta tsaya a kai. Alƙali ko lauya da aiki ya yi wa yawa, sau da yawa waɗannan layukan kaɗai yake karantawa. In sun faɗi abin da kotu ba ta faɗa ba, ƙa'idar da babu ita za ta shiga bakin mutane, ta je ta ci gonar wani.

Kafin a kama alƙalami sai a san ƙasan da shari'ar ke tsaye a kai. A Nijar, dokar tsarin kotuna mai lamba 2018-37 ta ranar 1 ga Yuni 2018, kamar wadda ta gada ta 2004, ta ce a yi aiki da al'adar masu shari'a a kan aure, saki, gado, da kuma filin da ba shi da rajista. Alƙali yana zama da dattawa masana al'ada, su ba shi shawara, shi kuma ya yanke. Dokar karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gona ta hanyar al'ada, kamar gadon da jama'ar gari suka shaida. Tun da al'ada ba a rubuce take ba, dole ne hukunci ya bayyana al'adar da aka yi aiki da ita filla-filla. Rashin yin haka kaɗai ya isa a soke shi.

Ga misali na irin fayil ɗin da nake gani, ba tare da sunaye ba. Gona ce a wani ƙauye cikin Dallol Mauri. Gida ɗaya suka ce kakansu ne ya sare dajin, ya ba kakan ɗaya gidan aro, kuma duk kaka ana kawo musu damin hatsi, sai da tsofaffi suka rasu aka daina. Ɗaya gidan suka ce kyauta ce, ga shi sun fi shekara 40 suna noma ta, har da rijiyar da suka gina. Mai gari ya yi ƙoƙarin sulhu bai yiwu ba, aka rubuta takardar rashin sulhu, magana ta je kotu. Kotun farko ta ba masu cewa aro ne gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, tana cewa kawai ta bi al'adar ɓangarorin biyu. Da aka kai babbar kotu a Yamai, waɗanda suka sha kaye sun kawo hujja biyu: hukuncin bai bayyana al'adar ba, kuma daɗewa ana noma ya kamata ya ba su mallaka. Babbar kotu ta karɓi hujjar farko, ta soke hukuncin, ta mayar da shari'ar a sake ji, ba ta taɓa ta biyu ba.

Wanda ya karanta fayil ɗin da sauri, labarin aro ne zai cika masa kai, don shi ya cinye yawancin shafuka. Sai ya rubuta cewa daɗewa ana noma gonar aro ba ya mayar da ita mallaka, ko kuma, ganin an soke hukuncin, ya rubuta akasin haka. Duka biyun kuskure ne. Maganar farko ta ƙananan kotuna ce, kuma hukuncin da ke ɗauke da ita an soke shi. Ta biyu kuwa hujjar mai ƙara ce, wadda babbar kotu ba ta amsa ba.

Shi ya sa nake fara karatu daga ƙasa. Ina duba sakin layi na ƙarshe in ga ko kotu ta kori ƙarar ko ta soke hukunci. Daga nan sai in hau sama in nemo dalilin da ya haifar da wannan ƙarshen. Kowace jimla ina tambayar ta: bakin wa kika fito, na mai ƙara, na kotun ƙasa, ko na kotun da nake taƙaita hukuncinta? Wadda ta rage, sai in gwada cire ta. In an cire ta hukunci ya tsaya yadda yake, to ba ita ce ƙa'idar ba.

A wannan misalin, ga kanun da zan rubuta: Shari'ar al'ada, rikicin gona, hukunci, bayyana al'adar da aka bi, rashin bayyanawa, sokewa. Ana farawa da babban fanni, ana matsewa har a kai ga sakamako, kuma kowace kalma tilas a same ta cikin dalilan kotu. Kalmar aro ba za ta shiga ba, domin mai neman hukunci a kan aro zai buɗe wannan ya tarar babu amsa.

Taƙaitawar kuma: Ya cancanci sokewa, hukuncin da ya raba rikicin gona da cewa ya bi al'adar ɓangarori, ba tare da ya bayyana abin da al'adar ta tanada ba. Babu suna a ciki, babu shekara 40, babu rijiya, don babu ɗayansu da ya sa aka soke.

Da a ce kotun da aka mayar wa shari'ar ta bayyana al'ada, ta yanke cewa aro ne bisa shaidar damin da ake kaiwa, to a nan dami zai shiga taƙaitawa, tun da shi ne hujjar. Sunan al'adar ma sai ya shiga kamar yadda hukunci ya rubuta shi: ta Arawa ce, ta Zabarmawa, ko ta Fulani. Dukansu suna zaune a jihar Doso, kuma abin da dattawa suka tabbatar a Matankari ba lalle ya zama shi ne na wani yanki ba. Wanda ya share sunan al'ada ya mayar da hukuncin yanki ɗaya tamkar dokar ƙasa baki ɗaya.

Akwai alamomin da ke tona taƙaitawa maras kyau. In ta yi amfani da kalmomi irin su kullum ko har abada alhali kotu ba ta faɗe su ba, an faɗaɗa ƙa'idar. In ta koma ba da labarin wane ya ce wane ya ce, ba a gano ƙa'idar ba tukuna. In hukunci ya warware tambaya biyu aka cusa su jimla ɗaya, a raba su, kowace da nata kanu. A saman komai a sa sunan kotu, sashe, lamba da kwanan wata, tare da dokar da ke aiki a ranar, domin hukuncin 2010 yana ambaton sassan dokar 2004, kuma lambobinsu sun sauya a ta 2018.

Ga lauyoyi da magatakarda da ke amfani da kundi, roƙona ɗaya ne. Taƙaitawa aikin mai shirya kundi ne, alƙalai ba su sa mata hannu a matsayin hukunci ba. Ku bi ta ku samo shari'ar, sannan ku buɗe dalilan kotu ku karanta da idonku kafin ku kafa hujja da ita a gaban alƙali.