Gyaran Sanarwar Taro a Tungar Daji

Idan kwamitin unguwa ya miƙo maka sanarwa mai shafi guda, rabinta gaisuwa ga hakimi da dagatai, fara da neman ranar taron. Sau da yawa za ka tarar an rubuta "Asabar mai zuwa". Goge shi. Takardar da aka rubuta ran Laraba tana iya kaiwa Gummi ko Bukkuyum bayan Asabar ɗin ta wuce. Sa sunan rana da kwanan watan Bature, ka ƙara na Musulunci, amma ka faɗi wanda za a bi idan ganin wata ya saɓa. "Bayan salla" ma ba lokaci ba ne. Rubuta ƙarfe 4:30, bayan La'asar.

Wuri kuma, "makaranta" kawai ba ta isa ba. Firamare ce ko Islamiyya? Faɗi sunanta da unguwarta, domin baƙon da ya taso daga Anka.

Sutura ita ce ake yawan kewaye-kewaye a kanta, don kunya. Idan anko ne, faɗi launi, ko shadda ce ko atamfa, da ko dole ne. Gaisuwar manya a rage ta zuwa layi ɗaya.