Mashaƙo: maƙogwaro ya washe, amma a ci gaba da sa ido kan zuciya

Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya sake ɓarkewa a Najeriya, kuma Kano ce ta fi ɗanɗana kuɗarta, amma cutar ta kai Zamfara ma. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara, yawancin marasa lafiyar da nake gani daga ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun ake kawo su. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, iyaye da yawa suna ɗauka mashaƙo ciwon wuya ne kawai, da zarar yaro ya fara haɗiyar kunu sai a ce an samu sauƙi, a nemi sallama. Alhali a wannan lokacin ne hankalinmu ya fi tashi.

Ƙwayar cutar ba ta cika barin maƙogwaro da hanci ba. A can take zama tana fitar da dafi, dafin ya kashe naman wurin, sai matattun ƙwayoyin nama da jini su daskare su zama wata fata mai kauri, launin toka, wani lokaci ta yi duhu. Cikin kwana biyu zuwa uku da fara ciwon take bayyana. Idan aka danne harshe aka haska fitila, za a gan ta manne a gefen maƙogwaro, ta haura kan beli. Farin mugunya na ciwon wuya na yau da kullum yakan goge da auduga. Wannan ba ta gogewa, in aka matsa mata sai jini. Saboda haka nake roƙon iyaye, kada a sa yatsa ko tsumma a kankare ta, kada kuma a kai yaro wurin wanzami a ce beli ne ya sauko. Wani yanki na iya ɓallewa ya toshe hanyar numfashi. Zazzaɓin mashaƙo ba ya yin zafi sosai, shi ya sa yake yaudarar mutane. Idan wuya ya kumbura ta gaba da gefuna, wasu sukan ce hangum ne, amma hangum a gaban kunne yake kumbura, kuma ba ya zuwa da fata a maƙogwaro.

Dafin da jini ya kwasa shi ne babbar matsala. Yana shiga cikin ƙwayoyin tsokar zuciya ya hana su gina abin da suke rayuwa da shi, sai su mutu a hankali. Ɓarnar takan fito fili ne a ƙarshen makon farko ko cikin mako na biyu, daidai lokacin da fatar maƙogwaro take ɓarewa.

Wata yarinya 'yar shekara bakwai aka kawo mana daga wani ƙauye a yankin Maradun, kwana biyar da fara ciwo. Ba sakacin mahaifiyarta ba ne. Hanya ba tsaro, sai da suka jira ranar da motoci za su fito tare. Wuyanta ya kumbura har haɓa ta ɓace, numfashinta na ƙara, bakinta na wari, kuma ba a taɓa yi mata rigakafi ba. Likita bai jira sakamakon gwaji ba, ya ɗauki samfur daga gefen fatar ya rubuta maganin karya dafi nan take, yunit 80,000. Kowace kwalba yunit 10,000 ce, wato kwalba takwas ga yarinya ɗaya. Muka zuba a ledar ƙarin ruwa, muka fara ɗigo kaɗan-kaɗan, ya shiga cikin wajen awa uku. Ina zaune kusa da ita da allurar adirenalin a zuƙe, domin daga jinin doki ake haɗa maganin, jikin wasu kan ƙi shi: borin jini, kumburin fuska, shaƙewa. Ita ba abin da ya same ta. Aka ɗora ta kan eritromaisin na kwana 14.

Bayan kwana huɗu wuya ya sace, fatar ta fara sakin jiki, ta nemi fura. Mahaifinta ya same ni a bakin ƙofa ya ce, "Malama, tunda ta warke a ba mu takarda, gona na jira." Na ce masa, "Malam, ka ƙara mana haƙuri, zuciyarta muke saurare." A kwana na goma sha ɗaya da fara ciwo ta yi amai, ta ce cikinta na ciwo, tafin hannunta ya yi fari, ƙafafu suka yi sanyi. Na kama wuyan hannunta na ƙirga minti cikakke, bugu 48, kuma yana tsallake. Yarinya mai shekarunta bai kamata ta yi ƙasa da 70 ba. Dafin ya lalata hanyar da saƙon bugawa ke bi a cikin zuciya. Aka shirya tura ta Gusau, amma rai ya yi halinsa kafin gari ya waye.

Mahaifiyar ta tambaye ni, ba an yi mata allurar ba? An yi. Sai dai maganin karya dafi yana kama dafin da ke yawo cikin jini ne kawai, kamar maganin saran maciji. Wanda ya riga ya shige cikin tsoka ya fi ƙarfinsa, ko da an ninka kwalaben. Eritromaisin ko azitromaisin kuwa ƙwayar cutar suke kashewa don ta daina fitar da sabon dafi ta kuma daina yaɗuwa, ba ruwansu da dafin da ya riga ya fita. Tun 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da dafi yana karya shi, kuma har yau da dawakai ake yin maganin. Kamfanoni ƙalilan ne ke haɗa shi a duniya, ba a samun sa a kemis, ta hannun hukumomin lafiya yake zuwa cibiyoyin da aka ware.

Ƙanen yarinyar, ɗan shekara huɗu, muna sa masa ido tun ranar da suka zo. Da ya fara ƙin abinci muka duba, ga ɗan tabo mai launin toka a gefe guda, bai kai kwana biyu ba. Yunit 20,000 aka ba shi, kwalba biyu, ya koma gida da ƙafarsa. Kwalaben da aka ɗura wa yayarsa da sun ishi yara huɗu irinsa.

Yaron da aka sallama bayan mashaƙo yana bukatar kwanciya na makonni, ban da guje-guje, ban da ɗaukar ruwa ko kiwo. Amai, haki, kasala mai tsanani, suma, kumburin ƙafa, ko bugun zuciya da ya yi sauri ainun ko ya ja baya, duk na dawowa asibiti ne a ranar. Wajen mako na uku dafin kan taɓa jijiyoyi: murya ta koma ta hanci, ruwa ya riƙa fitowa ta hanci in an sha. Wannan yakan warke, amma a ciyar da yaro a zaune, a hankali, don kada ya shaƙe. Mutanen gidan su sha maganin kashe ƙwayar cutar na kariya, a duba katin kowane yaro, a cike allurar Penta da ake yi a mako 6, 10 da 14. Shi ma wanda ya warke sai an yi masa rigakafin, domin yin ciwon ba ya tabbatar da cewa ba zai sake kamuwa ba.