Tsohon Agogo Mai Haske da Dare

Maigida, ko kana da tsohon agogo na gado, ko wanda aka sayo a kasuwar Maigatari? To, ka saurara.

A da, fentin da ake shafa wa lambobin agogo haɗin abu biyu ne, watau radiyam da garin zinki salfayid. Radiyam yakan fid da wani ƙarfi wanda ido ba ya gani. Ƙarfin nan shi ke bugun garin, garin kuwa ya yi haske.

Wajen 1920, a Amirka, 'yammata masu shafa fentin sukan lashi buroshi don ya yi tsini. Radiyam ya zauna cikin ƙashinsu, muƙamuƙansu suka ruɓe, da dama suka mutu. Kafin 1970 aka bar shafa shi.

Fentin yau, wanda aka fito da shi a Japan cikin 1993, babu radiyam a ciki. Hasken rana yake sha, ya sake shi da dare, yana dushewa kafin asuba.

Amma ka lura: tsohon agogo yakan daina haske don garin ya lalace, alhali radiyam yana nan. Sai ya shekara 1,600 kana rabinsa ya ƙare. Babban haɗari shi ne ƙurar fentin ta shiga baki ko hanci.

Saboda haka kada ka buɗe gilashin, kada ka kankare lambobin. In gilashin ya fashe, ka sa agogon cikin leda ka ɗaure, ka ajiye nesa da ɗakin kwana da rumbu da hannun yara. Ka wanke hannu da sabulu, kana ka shaida wa malamin tsabta na Gagarawa.