Yadda Malami Zai Bibiyi Makaranta Bayan Darasin Gwaji

Masu cewa "ka zauna kawai, in suna so za su kira" ba su san yadda ake ɗaukar malamai a makarantun kuɗi na Rikkos da kewaye a Jos ba. Shi ma mai cewa ka riƙa kira kullum, ɓata maka zai yi. Ga yadda ake yi.

Da farko, kada ka bar harabar makarantar sai ka san abu biyu: wa zai yanke hukunci, kuma yaushe. Wanda ya zauna a bayan aji yana rubuce-rubuce sau da yawa mataimakin shugaba ne ko malamin fannin, nasa bai wuce ba da rahoto ba. Maganar ƙarshe tana bakin mai makaranta, domin shi ke biyan albashi. Idan an ce "za mu neme ka", ka ce: "Na gode, ranka ya daɗe. Zuwa wace rana zan sa ran ji, kuma wa zan tuntuɓa?" Karɓi lambar a nan take.

Washegari ka tura saƙon godiya, layi biyu, ba tambaya.

Sai jira, inda aka fi yin ɓarna. In an ba ka rana, bari ta wuce da kwana ɗaya na aiki. In ba a ba ka ba, mako guda ya isa. Amma ka dubi lokacin. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba, gab da zangon farko, ana rububin cike gurbi, don haka shirun mako biyu magana ce. A lokacin jarrabawar ƙarshen zango kuwa, ko sa'ad da ake fama da rajistar WAEC da NECO, shiru ba ya nufin komai; takardunka suna nan kan tebur. Akwai kuma makarantar da ba ta ɗaukar kowa sai ta ga yawan yaran da suka biya kuɗin makaranta.

Rubutaccen saƙo ya fi kira, don ana iya miƙa shi ga mai makaranta yadda yake. A ce wata malama ta koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare ran Talata, aka ce mata zuwa Juma'a. Ba za ta yi magana ran Juma'a ba, ranar gajera ce. Litinin da hantsi, bayan an watse daga taron safe, sai ta rubuta:

"Assalamu alaikum, Hajiya, barka da aiki. Ni ce malamar da ta yi darasin gwaji na lissafi a aji biyu ran Talatar da ta wuce. An ce in sa ran jin sakamako zuwa Juma'a, shi ne nake tuntuɓa ko an kai ga yanke shawara. In akwai takardar da ake bukata, kamar shaidar NCE ko rajistar TRCN, zan kawo yau. Na gode."

In da Turanci aka yi muku intabiyu, rubuta da Turanci, amma tsarin kada ya sauya: ko kai wane ne, wane darasi, wace rana, tambaya ɗaya. Ban da labarin kuɗin haya, ban da saƙon murya mai tsawo a WhatsApp, ban da fulashin. Kuma ina roƙonka, kada ka aika kawu ko limamin unguwa tun ba a ba ka amsa ba. Ko an ɗauke ka don kunya, ranar da albashi ya makara ba ka da bakin magana.

Amsar ma sai ka iya karanta ta. "Kawo takardunka na asali" ko "nawa kake tsammani?" alama ce mai kyau. "Alhaji ya yi tafiya" na iya zama gaskiya. Tambayi ranar dawowarsa. "Mun ajiye takardunka" kuwa a'a ce cikin mutunci. Wadda ta fi haɗari ita ce "fara zuwa, ma yi magana daga baya". Kada ka riƙe alli sai an faɗi albashi, yawan darussa a mako, tsawon watannin gwaji, da ko ana biya lokacin hutu, domin ba kowace makaranta ke biyan watan Agusta ba. A rubuta, ko da a saƙon waya ne.

In kwana huɗu sun wuce shiru bayan saƙon, je da kanka sau ɗaya, bayan an tashi, ba lokacin da iyaye suka cika ofis ba. Kuɗin keke ne kawai. In wata makaranta a Gangare ko Unguwar Rogo ta ba ka aiki, faɗa wa waɗanda kake jira gaskiya tare da ranar da za ka ba ta amsa. Kada ka ƙirƙiro tayin da babu shi, masu makarantun Jos sun san juna.

Saƙon bibiya ɗaya da zuwa ɗaya sun isa. Bayan nan ka ci gaba da kai takardunka wasu wurare; in suna bukatarka, lambarka tana hannunsu.