DARASI: IDAN SAƘON RABON KYAUTA NA ƘARYA YA FAƊO A ZAURENKI, WA ZA KI AMSA WA?

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wani abu da ya faru da wata ɗalibarmu ta makarantar matan aure da ke Hotoro, wadda ta ba ni izinin in kawo labarin ba tare da na ambaci sunanta ba.

Wannan baiwar Allah tana sana'ar turaren wuta da humra a cikin gidanta, tana kuma saro atamfa daga Kantin Kwari. Tana da zauren WhatsApp na masu sayen kayanta, mata sama da ɗari biyu, yawancinsu daga Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi. Wata rana ana saura kwana kaɗan a kama azumi, ta sa hotunan sababbin kaya bayan La'asar, ta shiga kicin. Kafin ta fito, an liƙa wani saƙo a ƙarƙashin hotunan. Saƙon ya fara da sallama da salati, sannan ya ce wai gidauniyar Ɗangote tare da haɗin gwiwar mai wannan zaure za su raba wa mata hamsin na farko Naira 50,000 da buhun shinkafa, a latsa linkin da ke ƙasa a cike suna, a biya Naira 2,000 kuɗin rajista kafin Magariba. Abin da ya fi tayar mata da hankali, saƙon ya fito ne daga lambar wata dattijuwa da kowa ya sani a zauren, mutuniyar kirki.

Abu na farko da zuciyarta ta raya mata shi ne ta maida martani a kan saƙon ta ce, "Ke wace irin macuciya ce, ki ji tsoron Allah!" Na biyu, ta kira lambar da aka sa a ciki ta wanke mutumin tas. Allah Ya taimake ta ba ta yi ko ɗaya ba, sai ta kira ni. Abin da na gaya mata shi ne zan faɗaɗa a nan.

Da farko ki tambayi kanki, wa nake so ya ji amsata? Macucin ya riga ya san ƙarya yake yi, ba ya bukatar ki sanar da shi. Wadda take bukatar jin muryarki ita ce 'yar'uwar nan da ke zaune tana lissafin cefanen azumi, ta ga sunanki a jikin saƙon, ta ce ai tunda a zauren Hajiya ne gaskiya ne. Sunanki da amanar da aka ba ki su ne jarin da ɓarawon ya zo ci. Saboda haka amsa wajibi ce, shirunki zai zama kamar kin sa hannu. Amma matan zauren za ki fuskanta, ki juya wa mai saƙon baya.

Me zai faru idan kin tanka masa? Waɗannan mutane watsa saƙo suke yi kamar mai watsa tsaba, su jira su ga wace kaza za ta matso. Duk wadda ta amsa, ko da zagi ne, ta shaida musu cewa lambar tana aiki, mai ita mace ce, tana jin Hausa, kuma abin ya taɓa ta. Daga nan sai kira ya fara shigowa. Wani zai zo da ladabi, "Hajiya ki yi haƙuri, kuskure ne, bari in tura miki wasu lambobi ki karanto min don a goge." Wani kuma da barazana zai zo. Sana'arsu ke nan, sun yi wannan musu da mutum ɗari kafin ke, suna da amsar kowace tambaya. Ga kuma matsayinki na matar aure: doguwar muhawara ta sirri da namijin da ba ki sani ba, wanda zai iya naɗar muryarki ya yanke inda yake so, ba ƙofar da za ki so ki buɗe ba ce. Suratul Furƙan, aya ta 63, ta siffanta bayin Allah da cewa idan wawaye suka yi musu magana ba sa biye musu.

Akwai kuma wata illa da mata da yawa ba su lura da ita ba. Idan kika ja saƙon kika yi masa Reply, wani yanki nasa zai sake fitowa a saman amsarki, kuma yakan zauna a wurin ko bayan an goge na asalin. Haka wadda take tura saƙon zuwa wasu zauruka ta rubuta "a yi hattara" a ƙasa. Niyyarta kyakkyawa ce, amma ta kai wa ɓarawo tallarsa kyauta, domin akwai wadda idonta zai tsaya a kan Naira 50,000 bai kai ga gargaɗin ba.

To ga yadda ɗalibar tamu ta yi, kuma jerin yana da muhimmanci. Ta fara ɗaukar hoton saƙon a wayarta ta ajiye, wanda ya nuna lambar da ta turo, da lambar asusun da aka ce a biya, da lokaci. Wannan shaida ce ta banki ko hukuma, ba ta yaɗawa ba. Sannan ta danne saƙon ta zaɓi Report, wanda ke kai ƙorafi ga kamfanin WhatsApp. Sai bayan haka ta goge shi da Delete for everyone. Tun shekarar 2022 admin na da ikon goge saƙon wani daga wayar kowa, amma cikin kusan kwana biyu kawai, don haka ba a jinkiri. Daga nan ta fitar da lambar daga zauren, ta rubuta sabon saƙo mai zaman kansa:

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saƙon rabon kuɗi da shinkafa da aka sa ɗazu ba daga gare ni yake ba, ƙarya ne, na goge shi. Ba na rabon komai, kuma ba na karɓar kuɗin rajista. Kada wadda ta latsa linkin, ko ta tura kuɗi, ko ta faɗa wa wani lambobin da suka shigo wayarta. Wadda ta riga ta yi, ta kira ni yanzu a lambar da kuka saba, ba abin kunya ba ne."

Ku duba abin da babu a cikinsa. Babu linkin, babu lambar macucin, babu tsinuwa, babu sunan kowa. Ta kuma maimaita shi da murya, saboda a cikin masu sayen kayanta akwai waɗanda karatun boko bai zauna musu ba, kuma jin muryarta ya fi rubutu tabbatar musu cewa ita ce.

Rashin ambaton sunan dattijuwar nan shi ne wurin da nake so mu ɗan tsaya. Da ɗalibarmu ta kira ta ta layin waya na yau da kullum, ba ta WhatsApp ba, sai ta tarar baiwar Allah ba ta ma san abin da ake ciki ba. Da safe wani ya kira ta ya ce daga kwamitin wa'azin mata ne, za a yi taro ta waya, an turo mata lambobi shida na shiga, ta karanto masa. Waɗannan lambobi shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗinta. Da ta faɗa, sai asusunta ya koma wayarsa da sunanta da hotonta da duk zaurukan da take ciki. Da an zage ta a gaban mata ɗari biyu, da an haɗa mata zafi biyu, ga sata ga ƙazafi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Mun saba kawo ayar a kan kada a gaskata saƙon, to ta hau kan kada a yi gaggawar tuhumar wadda saƙon ya fito da sunanta ma.

Gyaran irin wannan ba shi da wuya. Mai lambar za ta sake yin rajistar WhatsApp da layinta, sababbin lambobi shida su shigo mata, da ta sa su an fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa nasa PIN, za ta jira kwana bakwai, amma shi dai ya fita. Kowaccenmu kuma ta shiga Settings, ta zaɓi Account, ta kunna Two-step verification tun kafin ranar ta zo.

Wata za ta ce, Malama, to idan rabon gaskiya ne fa, na hana mutane arzikinsu? Tambaya ce mai kyau, domin ƙaryar tana jingina ne da abin da ya taɓa faruwa. Gidauniyar Aliko Ɗangote ta raba shinkafa da gaske a azumin 2024, kuma a nan Kano aka ƙaddamar. An yi TraderMoni a 2018, an yi tallafin korona a 2020, kowannensu kuma sai da 'yan damfara suka yi masa na jabu. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne, mai bayarwa ba ya karɓa. Duk kyautar da sai kin biya kafin ki samu, ko sai kin ba da BVN da lambar katinki da PIN, ko lambobin OTP da banki ke turowa, ko sai kin tura wa zauruka biyar, ko aka ce kafin Magariba za a rufe, to ki goge da zuciya ɗaya. Ba sai kin tambayi mai saƙon ko gaskiya ne ba. Ina amfanin tambayar kura ko ta ga akuya?

A zauren ɗalibarmu, mata uku ne suka kira ta a daren. Biyu linkin kawai suka buɗe suka rufe. Ta ukun ta tura Naira 2,000, ta kuma cike lambobin katinta, tana kuka tana cewa kada maigidanta ya ji. Na ce a gaya mata ta sanar da shi a daren nan, domin ɓoyewa ita ce ke ba macuci damar dawowa. Suka kira layin bankin da ke rubuce a bayan katin aka toshe shi, washegari suka je reshe da hoton saƙon suka shigar da ƙorafi a rubuce. Idan kuɗin da yawa ne, ana haɗawa da 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ke da ofis a Kano. Dubu biyun ba ta dawo ba, amma kuɗin adashin da ke cikin asusun ya tsira.

Bayan kwana biyu wata baƙuwar lamba ta kira wannan matar, mai magana ya ce shi jami'in banki ne, an kama ɓarayin, ta biya Naira 5,000 a dawo mata da kuɗinta har da diyya. Wannan karon ba ta ce masa uffan ba. Ta kashe wayar, ta yi wa lambar Block, ta sanar da mai zauren, ita kuma ta ƙara layi ɗaya a gargaɗinta cewa duk wanda ya kira da sunan dawo da kuɗi, su ne dai.