Baki ɗaya ke yin tayi a teburin tattaunawa

Na daɗe ina wakiltar ma'aikata a gaban masu kamfanoni a Kano, kuma akwai zaman da har yau nake ba sababbin wakilai labarinsa. Bayan an sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, mun zauna da shugabannin wata masana'anta kan ƙarin da za a yi wa waɗanda albashinsu ya riga ya haura haka. Tun a ofis muka tsayar cewa za mu nemi kashi 25 cikin ɗari, kuma ba za mu sauka ƙasa da 15 ba.

Ina cikin kare 25 ɗin nan sai manaja ya juya ga wani daga cikinmu, ya ce, "Kwamared, kai fa me ka gani?" Shi kuwa da zuciya ɗaya ya ce ko 15 ma ai za a iya dubawa. Magana zarar bunu. Nan take suka manta da 25, ciniki ya koma daga 15 zuwa ƙasa, sai da muka ƙara zama uku kafin mu samu 15 ɗin kanta. Alhakin a wuyana yake, domin ni ne jagora kuma ban raba aiki ba.

Yanzu kafin mu shiga ɗaki kowa ya san nasa. Jagora kaɗai ke furta adadi, shi ke karɓar tayi ko ya ƙi. Duk wanda aka jefo wa tambaya amsarsa ɗaya ce: "Shugabanmu zai amsa."

Mai rubutu ba ya shiga muhawara. Yana rubuta wanda ya faɗi magana, da adadin, da sharaɗin da aka rataya masa, domin "za mu biya" daban take da "za mu duba". Kafin a tashi sai ya karanta abin da aka amince da shi, ɓangarorin biyu su sa hannu.

Aikin mai lura ne aka fi rainawa, ni kuwa shi na fi ji da shi. Jagora yana tunanin abin da zai faɗa, don haka abubuwa da yawa na wuce shi. Mai lura ne ke gane wanda manaja ke kallo kafin ya amsa, da adadin da ya sa akantansu ya fara lissafi a takarda.

To idan jagoran ne ya yi kuskure fa? Ba a gyara masa a gaban mutane. Sai a miƙa masa 'yar takarda, shi kuma ya nemi hutun minti goma, a fita waje a warware. Ya dawo ya gyara maganarsa da bakinsa.

'Yan uwa wakilai, ku zauna ko na rabin awa ne kafin kowane zama, ku rubuta abin da za ku nema da inda za ku tsaya, kowa ya maimaita aikinsa da baki kafin a buɗe ƙofa.